Ƙwayoyin makeron ɗan fari

Shekarun nan na bayan samun mulkin kai, muna zaune a Kebbe, gida ɗaya da uwar mijina da ƙannensa biyu da matansu. Yara maza a gidan sun kai a tara su a kwano guda a rasa wurin sa hannu. Babba a cikinsu shi ne ɗana na fari, wanda hakimi ya sa aka rubuta a makarantar elemantare.

Ɗan fari kuwa, a wurinmu, ba naka ba ne a gaban mutane. Ban taɓa kiran sunansa ba. In ya faɗi ba ni nake ɗaga shi ba, in ya yi zazzaɓi ba ni nake tambaya ba. Tun da aka yaye shi yake kwana ɗakin kakarsa, wadda duk muke kira Inna. Ita tana ce masa mai gidana, ni kuma ina ce masa wancan yaron.

Ana gobe ƙaramar salla wanzami ya zo ya shimfiɗa buzunsa a zaure. Yaran unguwa suka yi layi, aska ɗaya, ruwa ɗaya a ƙoƙo, ya gama da wannan kai ya goga askar a tafin hannu ya kama na gaba. Haka ake yi tun kakanni. Ba a daɗe da komawa makaranta ba sai wani farin zagaye ya fito a ƙeyar yaron, yana ɓarɓashi kamar an barbaɗa dussa, gashin wurin duk ya kakkarye. A ajinsu ma haka, don suna musayar huluna, suna haɗa kai a kan allo ɗaya. A gida kuwa tabarmarsu ɗaya, matashi ɗaya.

Inna ta ce makero ne, kowane yaro yana yi. Ta shafa toka da man shanu. Malaminsu ya shafa musu wani shuɗin ruwa, suka riƙa yawo da kawuna kamar an tsoma su a marina. Na sauran yaran ya tsaya yadda yake, nasa kuwa ya kumbura, ya yi laushi, yana tsattsafo da mugunya. Ina ganinsa daga bakin murhu. Na ci gaba da hura wutata.

Ranar kasuwar Tambuwal ubansa ya ɗora shi a kan buhunan gero ya kai shi wurin malamin asibiti. Da suka dawo uban ya zauna ƙofar ɗakin Inna yana ba ta labari, ni kuma ina bayan danga ina tankaɗe, rariyar tana tafiya a hankali don kar ta rufe mini magana.

"Inna, ya ce abin nan ba bisa fata kaɗai yake ba. Cikin silin gashi yake shiga, har gindinsa. Duk abin da aka shafa, a waje shika tsayawa."

"To, mi za a yi? A zuba ta kunne?"

"Ƙwaya ce sabuwa, daga Sakkwato aka kawo. A sha, jini ya kai ta gindin gashi, sabon gashin da zai tsiro ya fito da maganin a jikinsa. Shi ya sa sai an daɗe, wata ɗaya da rabi ko fiye, kullum, ko an ga ya warke. A ba shi da nono ko wani abu mai maiƙo, don ta fi shiga jiki. Ya ce in aka yi wasa da kumburin ga, wurin zai yi tabo, gashi ba shi ƙara fita."

"Ciwo a ka, magani a ciki," in ji Inna. "Allah ya nuna muna. Kawo."

Ta ƙulle ƙwayoyin a tsumma ta jefa cikin taskirarta. Ni aka wuce ni, kuma daidai ne, don ba a miƙa wa uwa maganin ɗan fari.

Inna tana da ka'ida guda da ba ta karyawa: ba ta ba jika ɗaya abu sauran suna kallo. Ko ƙuli-ƙuli ɗaya ne sai ta gutsuttsura shi ya zagaya. Da safe ta kira mai gidanta ta ba shi ƙwaya a ludayin nono, sai ga sauran sun jeru, kowa da nasa farin zagaye a ka. Ta dube su, ta kwance tsumman.

Da rana na kai mata fura, na durƙusa, na ce, "Inna, kamar na ji an ce na mutum ɗaya ne."

"Wane mutum?" ta ce, tana kallona da dariya a ido. "Faɗi sunansa mu ji."

Matan ƙannen mijina suka kwashe da shewa. "Yaya ta fara zancen ɗanta!" Na ɗauki ƙwaryata na fita.

Maganin ya ƙare tun wata bai raba ba. Kawunan duk suka yi kyau-kyau, ɓarɓashin ya ragu, kumburin ya sauka, Inna tana nuna wa maƙwabta. Mai gida, uban yaron, yana yawon kasuwanni, daga Sanyinna zuwa Dogon Daji, ya ga kan yaron ya lafa, bai tambaya ba. Kafin a gama noman farko abin ya dawo wa kowa, na wancan yaron kuma ya fi na da, har da ƙululu a bayan wuya.

Aka koma Tambuwal. Wannan karon mai gida bai ba da labarin da murya mai ƙarfi ba. Abin da na tsinta shi ne, malamin ya ce rabin magani kwantar da ciwon kawai yake yi, kuma a kawo sauran yaran kowa a ba shi nasa, in ba haka ba za su yi ta mayar wa juna. A wanke huluna da ruwan zafi, a raba musu shimfiɗa, a daina haɗa su a aska ɗaya. Sai da aka jira kafin wata ƙwayar ta iso daga Sakkwato.

Da ta iso, kowane yaro da ƙullinsa, Inna ta kira ni ɗakinta ba kowa. Ta miƙo ƙulli ɗaya ba ta dube ni ba.

"Ke, hannuna ba shi iya hana yaro. Riƙe mini wanga na mai gidana. Ba naki ba ne, aro na ba ki."

Kullum da safe nakan dama fura da nono mai kauri, in ajiye ƙwayar a gefen faifai, in ce wa iska, "A gaya wa wancan yaron ga saƙon Inna." Sai ya zo ya haɗiye, ina juya baya ina sauraron wucewarta a maƙogwaronsa. Haka har ƙullin ya ƙare.

Gashi ya fito ko'ina, na sauran yaran ma haka. Sai wuri ɗaya a ƙeyarsa, faɗin babban yatsa, ya zauna sumul yana sheƙi. Bai ƙara tsirowa ba. Mai gida ya sayi aska ta gidanmu, wanzami ya ji haushi, daga baya ya saba.

Yanzu wancan yaron shi ma yana da furfura da jikoki. In ya zo gaishe ni ya cire hula yana fifita da ita, nakan ga wurin. Inna har ta rasu tana ce wa tabon tambarinta, wai don kar wata ta ƙwace mata miji.