Kuɗin Motar Baba

Da Baba ya yi ritaya daga ma'aikata, sai ya ƙwallafa rai a kan wata gona a Yangoji, ta naira dubu ɗari shida. Ba shi da abin sayarwa sai motarsa, 'yar ƙarama, mai giyar hannu. Ni kuwa lokacin ba ni da hira sai ta mota. Duk abin da na sani a kafen intanet na karanto, sai kuma tambayar makanikin layinmu har ya gaji da ni.

"Uwata, zo ki sa mata kuɗi," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Ni dai ɗari takwas na ce. Tafiyar kilomita dubu casa'in kacal ta yi."

Na leƙa mita. "Baba, wannan mil ne fa, daga Amurka ta zo. A kilomita ta haura dubu ɗari da arba'in. Ga go-sulon Nyanya kullum, inji na ci, mita na tsaye."

"To, 'yar wa kike, tawa ko ta mai saye?"

Na ɗauko biro. Na fara da kuɗin irinta mai lafiya a kasuwa, ɗari bakwai. Kuloci ya fara sulɓewa, na cire. Tayoyin gaba sun suɗe, na cire. Lasisi ya ƙare, na cire kuɗin sabuntawa. Esi mai ba da sanyi ya mutu, shi ma na cire. Takardar kwastam kam ta asali ce, lambar shasi ta yi daidai, wannan ce ta riƙe mu. Aka tashi ɗari biyar da hamsin. Wani dillali a cikin gari ma ɗari huɗu da hamsin ya taya, wai ma'aikata yanzu otomatik suke so, da sanyi.

Maganar dillalin ce ta farkar da ni. Direbobin tashar Nyanya giyar hannu suke nema, mai shan mai kaɗan, kuma wa zai kunna wa fasinja esi? Na mayar da kuɗin esi, na ƙara na ciniki, na ce ɗari shida da hamsin.

A tasha wani direba ya zagaya ta, ya gwada lambar shasi da takarda, ya taka kuloci.

"Oga, ɗari biyar da saba'in."

"Albarka. Amma ka sani, ƙofar baya sai an ɗaga ta take rufuwa."

"Baba!"

"Ai gaskiya ce, Uwata."

Direban ya yi dariya. "Hajiya ƙarama, bar shi. Tawa da igiya nake ɗaure ta. Ɗari shida da goma, kuma ni zan yi lasisi."

Baba ya dafa bonet.

"Na sallama. Amma kar ka loda mata mutum biyu a gaba." Ya miƙo mini wayarsa. "Kira mini mai gonar."