Harajin Malamaina da Ya Faɗa Gidan da Ba Nasa Ba

Ina da ƙaramar makarantar firamare ta kuɗi a Haɗejia. Kowane wata nakan cire harajin albashi daga kuɗin malamaina in kai banki da sunan gwamnatin jiha. Shekarar da ruwa ya yi mana ambaliya har muka rufe makaranta, ban sami kaiwa a kan kari ba sai da aka buɗe hanya, na haɗa na watannin damina na biya gaba ɗaya. Na karɓi rasit na adana, ban ko duba shi ba.

Bayan shekara, malamin lissafinmu, wani dattijo mutumin Guri da muka fara makarantar tare, ya sayi fili yana neman takardar mallaka. Aka ce ya kawo shaidar biyan haraji. Ya je ofishin haraji, suka ce akwai watannin da ba a biya masa ba. Ya shigo ofishina ya ƙi zama.

"Hajiya, an cire a albashina, amma can sun ce bai iso ba."

Na gane abin da yake zato. Kafin a tashi, duk malamai sun ji. Gaisuwarsu ma ta canja.

Yayana, mai sayar da shinkafa, cewa ya yi in sake biya kawai a wuce wurin. Na ce, "Yaya, in na sake biya, ai na amsa cewa da ma na ci." Na ɗauko rasit na tafi ofishin da kaina.

Jami'in da na tarar ya daɗe yana duba rasit ɗin da kwamfutarsa, sannan ya juyo mini da ita.

"Kuɗinki sun shigo, Hajiya. Amma dubi nan. An shigar da su a matsayin harajin wurin sana'a, ba na albashi ba. Da alama wurin zaɓen lamba a banki aka kuskure."

"To, ranka ya daɗe, sun tafi ke nan?"

"Ba su tafi ba, suna asusun gwamnati. Tun da duka harajin biyu na jiha ne, ana iya mayar da su inda ya dace. Da asusun tarayya suka faɗa, da aikin ya fi haka wuya. Sai dai ni ba ni da ikon taɓawa, hedikwata ce ke yi."

Ya faɗa mini abin da zan haɗa: wasiƙa zuwa ga shugaban hukuma mai ɗauke da lambar rasit, ranar biya, irin harajin da aka shigar da wanda ake nufi, da watannin da kuɗin suka shafa. Sai jerin malamai da abin da aka cire wa kowa, da takardar banki mai tabbatar da biyan. Ya kuma ce in sa rasit ɗin harajin wurin sana'a na shekarar ambaliyar, don a ga na riga na biya shi daban.

Takardar banki ce ta fi ba ni wuya. Na yi ta zarya har masu gadi suka san ni. Da na samu, na kai komai ofis, na sa aka buga mini hatimin karɓa a kwafina. Makonni suka wuce shiru, sai na hau mota zuwa hedikwata a Dutse. A can wata jami'a ta gano cewa jimillar jerina ba ta yi daidai da rasit ba, domin na manta da wata malama da ta bar aiki bayan ambaliyar. A bakin titi na sa aka sake buga jerin, na mayar kafin su tashi.

Ranar da aka kira ni, jami'in Haɗejia ya miƙo mini takardar gyara. An raba kuɗin wata-wata a kan sunan kowane malami. Tarar rashin biya da aka ɗora mini ta sauka, sai ɗan abin da ya hau na jinkirin damina, tun da ranar da na biya tun farko aka ɗauka. Wannan na biya shi da farin ciki.

Na tara malamai na ba kowa kwafinsa. Dattijon ya karanta nasa a hankali, ya cire tabarau.

"Hajiya, ki yafe mini."

"Ba komai, Malam. Haƙƙinka ka nema."

A satin ya karɓi shaidarsa. Da ya fara gini, ya gayyace mu duka muka je addu'ar sa harsashi, matarsa ta soya mana kifin da ya taho da shi daga Guri.