Muryar Baba a falon karo

Na fi wata bakwai ina jinkirin rubuta wannan. Sau uku ina farawa ina yagewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da zan faɗa laifina ne, ina jin nauyin a san shi. Amma na ga idan na ci gaba da yin shiru ba zan sami mai taimakona ba, shi ya sa na daure.

Ni tela ne a Sabon Gari, nan Maraɗi, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "kai" ko "wannan". Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Idan na je gaishe shi a Jiratawa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, idona a ƙasa. Ƙannena suna zama kusa da shi har su yi masa wasa. Ni shekarata arba'in da shida ban yi ba.

Bara da bazara muryarsa ta dishe, ta ƙi komawa. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce akwai ciwo a maƙogwaronsa, sai an yi aiki a Yamai, kuma bayan aikin ba zai ƙara magana ba. Aka sa ranar tafiya Alhamis. Ran Lahadi aka kawo shi gidana. Da ya huta ya aiko matata ta kira ni.

"Kai," ya ce, yana duban bango, "wayar taka tana riƙe magana?"

"Tana riƙewa, Baba."

"To ka riƙe mani asalin gidanmu kafin su yanke. Ba wanda ya saura da ya san shi."

Baba ba ya rubutu, ko boko ko ajami. Kakanninmu bakwai yake lissafawa da ka, da garin da kowanne ya zauna, da wadda ya aura, da yadda muka rabu da danginmu na Tibiri. Ni ko uku ban riƙe ba, don ban taɓa zama kusa da shi na ji ba.

Ran Litinin na rufe shago. Ni mutum ne mai yawan damuwa, ɗinki ma sai na auna sau uku nake yankawa, don haka na shirya sosai, a ganina. Na sa a wayata wata manhajar ɗaukar murya wadda ake iya ƙara wa ƙarfin ɗauka ko a rage. Na zaɓi ɗakin da ya fi kyau a gidan, sabon falon da na gama, ƙasa karo, wato tayil, bango siminti, sama kwano. Ban ko sa kujeru ba tukuna. Ina zan kai mahaifina in ba can ba? Na shimfiɗa masa darduma a ƙurya, na kunna fanka don zafi. Ni kuma na zauna inda na saba, bakin ƙofa, kamar taku biyar daga gare shi, na ajiye wayar a ƙasa gabana. Da na ga muryarsa ba ta da ƙarfi, sai na ja ƙarfin ɗaukar har ƙarshe. Sandar da ke nuna sauti ta riƙa kaiwa ja, na ce madalla, tana kamawa sosai.

Ya yi magana minti hamsin da biyu. Yana tari, yana kurɓar ruwa, yana ci gaba. Ni hankalina duk yana kan wayar, kada ta mutu, kada wani ya kira. Rabin abin da ya faɗa bai shiga kunnena ba, don na dogara da ita. Da ya gama ya ce, "Shi ke nan, na sauke." Ban saurara a gabansa ba, na ga kamar rashin kunya ne in sa muryarsa yana zaune.

Sai bayan la'asar na je shago ni kaɗai na kunna. Abin da ya fito kamar mutum na magana cikin rijiya ana ruwan sama. Ƙugin fanka ya cika ko'ina. Kowace kalma tana hawa kan ƴar'uwarta saboda amsa-kuwwar ɗakin. Duk inda ya yi tari ko ya ɗaga murya, sai sautin ya tsage kamar ana yaga yadi. Babur ɗin ɗan kabu-kabu da ya wuce a titi ya fi Baba fitowa. Maganar yau da kullum ana iya cinkarta, amma sunaye, waɗanda ba ka taɓa ji ba balle ka cinka, sun narke. Na saurara sau shida. Saura kwana biyu.

Akwai wata malama da nake wa ɗinki shekara da shekaru, Kirista ce ƴar Tibiri, ta yi ritaya daga koyarwa tana zaune a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Na san tana ɗaukar karatu da waya a gida tana ba mutanen majami'arsu. Na hau kabu-kabu na tafi ba ko sanarwa. Na faɗa mata abin da ya faru na miƙa mata wayar, ta sa abin ji a kunne, ba ta yi minti ɗaya ba ta cire.

"Tela, a banɗaki ka sa tsohon?"

"A falo ne, Madam. Sabo."

"Ai na ji sabo ne. Ina ka aje wayar?"

Na faɗa mata. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Taku biyar. Kai da ke cusa wa mutane tef a hammata, ka kasa matsawa kusa da mahaifinka?"

"Ni ne ɗan fari."

"To wayar ma ɗiyar fari ce?"

Ban yi dariya ba, ita ma ta daina. Ta jawo ni cikin falonta ta tafa hannu sau ɗaya, na ji ƙarar ta yi ƴar jela. Ta kai ni ɗakin kwananta, mai katifa da labule da kaya a rataye, ta sake tafawa, ƙarar ta mutu nan take. Ta ce irin wannan ɗaki zan nema, ƙarami, cike da tufafi. Waya kuma ɗani ɗaya daga bakinsa, gindinta inda mikro mai kama murya yake yana dubansa, a ɗan karkace gefe don kada iskar baki ta buge ta. Kada in riƙe a hannu, in ɗora kan matashi. In kashe fanka da firigo, wato firiji, in sa wayar a alamar jirgin sama don kada kira ya shigo.

"Ƙarfin ɗaukan nan da ka ja," ta ce, "bai san muryar Baba ba. Duk abin da ke ɗakin yake ƙarawa, har fanka. In murya ta yi ƙasa, matsowa ake yi. Ka rage shi har in ya yi magana da ƙarfi sandar ta tsaya wajen goma sha biyu ƙasa da sifili. In ta taɓa ja, sautin ya tsage, kuma abin da ya tsage ba ya komawa. Ka ɗauki ɗan gwaji, ka saurara da abin kunne a gabansa, kafin ya fara."

Na tambaye ta ko na farkon zai gyaru. Ta ce ita dai ba ta iya ba. Ta ce kada in goge shi, kada kuma in aika shi ta saƙon waya in ɗauka na adana, don matse shi ake yi, in kwafe shi yadda yake.

Ran Talata da safe na kasa faɗa wa Baba. Na je ƙofarsa sau uku ina komowa. Yaya zan ce wa mutumin da ke haɗiyar ruwa da ƙyar ya sake? Haka na ɓata yini guda, kuma wannan ya fi komai ci mani rai. Matata ce ta shiga da yamma ta faɗa masa. Ta ce abin da ya ce kawai shi ne, "Gobe."

Ran Laraba bayan azahar, lokacin da injin niƙan maƙwabta ke tsayawa, muka kai shi ɗakin matata. Na rataya barguna biyu a ƙofa da taga. Na kashe fanka, ɗakin ya zama kamar tanda. Na tara matasai uku a gabansa na ɗora wayar. Don in ga sandar dole na zauna bakin katifar, gwiwata kusan tana taɓa tasa. Na buɗe hannu na auna ɗani ɗaya daga gemunsa. Ya kau da kai, ni ma na kau da nawa.

"Baba, a ɗan yi magana in gwada."

"Me zan ce?"

"Ko me."

"Akwai zafi," ya ce.

Na saurara. Ya fito sarai, har numfashinsa. Na ɗan ƙara ƙarfin kaɗan don muryar ta fi ta Litinin rauni, sandar ta tsaya inda aka ce mani. Ya fara daga mahaifinsa yana yin sama. Na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. A minti na goma sha ɗaya tari ya kama shi. Na ba shi ruwa, muka jira. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Muka jira har la'asar, matata ta kawo zuma da ruwan ɗumi, ya sake gwadawa, babu. Ya ɗaga hannu ya nuna in kashe. Da asuba mota ta ɗauke mu.

An yi aikin, Allah ya tashe shi, yana Jiratawa yanzu. Ina da minti goma sha ɗaya masu kyau, da kakanni huɗu. Sauran ukun, da matansu, da labarin Tibiri, suna cikin minti hamsin da biyun nan. Duk Juma'a nakan je in sa masa abin ji a kunne, in kunna wurin da sauran sunayen suke, in faɗi sunan da nake zato. Sai ya girgiza kai. Yakan motsa leɓɓansa a hankali don in karanta, ni kuwa ban iya ba, sunayen na dā ne, ba irin waɗanda ake sawa yau ba. Wani lokaci ya gaji ya juya ya kwanta. Ƙarfinsa raguwa yake yi, kuma shi kaɗai zai iya gyaɗa kai ya tabbatar mani an samo daidai.

Na gwada wata manhaja da aka ce tana cire hayaniya. Ta cire fankar, amma muryar ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa, sunayen suka ƙara lalacewa. Na tsorata na bari. Na asalin yana nan ban taɓa shi ba, na kwafe shi wuri uku.

Don Allah, idan cikin masu karanta wannan akwai wanda ya san aikin sauti, a Maraɗi ko Yamai ko Katsina, ya sanar da ni gaskiya: ana iya rage amsa-kuwwar ɗaki daga muryar da aka riga aka ɗauka, har a ji suna? Wurin da ya tsage fa, akwai abin da ake yi masa? Kuma idan akwai dattijo a Tibiri da ya san gidajen da wani reshensu ya koma Jiratawa tun zamanin kakanni, a yi mani kwatancensa, zan zo da wayar mu saurara tare.