Saƙon Ranar Haihuwar Ɗiyata

Mu dai ba mu tashi da wani bikin ranar haihuwa ba. Idan aka tambaye ni yaushe aka haife ni, sai in ce shekarar da ruwa ya ci gadar ƙauyenmu, shi ke nan. Ɗiyata kuwa, ita kaɗai Allah ya bar mini bayan rasuwar uwarta, tana da ranarta a rubuce, kuma waya na tuna wa duniya da ita.

Shekara uku ke nan tana Damazin wurin ƙanwar uwarta, tana koyon aikin jinya. Ta tafi ne lokacin da rikici ya watsa mutanen ƙauyukanmu na kusa da garin Hajj Abdalla. Da ƙura ta lafa na koma hawashata, gonar ban-ruwan da na gada, na ce ta dawo. Ta ce karatu. Na faɗi maganar da ba ta kamata ba. Tun daga ranar, duk abin da na aika mata a WhatsApp amsa ɗaya ce: "Lafiya lau." Abin da nake so bai fi ta sake yi mini magana irin ta da ba.

A da surutu ne da ita har a waya, kuma Yaba take ce mini, wato Baba. Takan rubuto "Yaba, ka ci abinci?" ta jera fuskokin nan masu dariya da hawaye, da wani biri da ya rufe ido. Ni kuma, da yake na taɓa koyarwa a firamare kuma har gobe kaina bai sauko ba, na taɓa ce mata ni ba sa'anta ba ne da za ta riƙa turo mini birai. Ta daina biran, ta bar dariyar. Bayan faɗanmu dariyar ma ta tafi.

Ana saura kwana biyu ta cika ashirin da biyu, ƙanwata mai sayar da shayi a Sinnar ta kira ni.

"Yaya, jibi ranar ɗiyarka ce. Ka aika mata risala ta WhatsApp, ita ɗai. Layi biyu, khalas. Ka ce kullu sana wa inti ɗayyiba, barka da zagayowar shekara ke nan, ka sa hoton kek da zuciya guda."

"Zuciya? Ni saurayinta ne?"

"Wallahi Yaya yaran ga haka suka gane magana. In ba ka sa komi ba, sai ta ɗauka hushi kakai. Doguwar gaisuwa ta manya ce, irinku."

Na ce mata na ji. A raina kuwa cewa na yi, mai shayi ce za ta koya mini rubutu, ni da na rubuta wa rabin ƙauyen nan wasiƙa?

Ranar da safe na zauna bakin tur'a, inda ruwa ke shiga gonaki, don nan ne shabaka, wato sabis ɗin waya, ke kamawa. Na buɗe Facebook na ga ta sa hotonta da farin tufafin asibiti, ƙawayenta sun cika ƙasan hoton da furanni da balo-balo, kowace da 'yan kalmomi uku ko huɗu na Larabci. Sai na ga ai nan ne taron yake, kuma uba ba ya gaisuwa a ɓoye. Na fara da "Zuwa ga ɗiyata, bayan sallama irin ta addinin Musulunci." Na yi godiya ga Allah, na yi wa uwarta addu'a, na tuna mata cewa kowace shekara kusantar kabari ce. Na ja kunnenta a kan salla da kamun kai da zaman birni. Da ɗan yatsa ɗaya na yi ta dannawa har rana ta take. Can ƙarshe na rubuta abin da ya zaunar da ni tun farko: cewa ni na yi kuskure, kuma gidan ya yi mini faɗi. Ban sa ko fure ɗaya ba.

Abin da ban sani ba, Facebook kan naɗe dogon rubutu, ya nuna farkonsa, sai wanda ya danna ya ga sauran. Kuma duk wanda ke ganin hoton yana ganin abin da na rubuta. Kafin la'asar fuskokin dariya sun taru a ƙarƙashinsa. Wata yarinya ta rubuta da Larabci cewa ga huɗubar Juma'a ta zo ranar Talata. Wata ta tambayi ɗiyata me ta yi da har babanta ke mata wa'azi a bainar jama'a. Kafin magariba rubutun ya ɓace. Washegari na nemi shafinta ban same shi ba, ta toshe ni.

Ƙanwata ta kira tana faɗa. "Mi na ce maka? Ka tai gaban ƙawayenta ka yi mata zancen kabari ranar murnarta!"

"Ai na ba ta haƙuri a ƙarshe."

"Wa ya kai ƙarshen, Yaya? Ni kaina ban kai ba."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji haushin kaina. Na kira ɗiyata sau biyu. Ta ɗauka, ta gaishe ni da ladabi, ta ce tana bakin aiki. Ban iya faɗin maganar da baki ba. Ni mutumin takarda ne, a baki sai harshena ya yi nauyi.

Haka na jira shekara guda, aka shuka dawa aka girbe, aka shuka alkama aka girbe. A tsakani na koyi abin da na raina. Na lura da yadda ƙanwata ke rubuta wa 'ya'yanta, gajere da zukata, da yadda take rubuta wa yayanmu mai ƙaramar waya ta madannai: saƙon tes, cikakkiyar sallama da addu'a, ba hoto ko ɗaya, don wayarsa 'yan akwatuna take nunawa a madadinsu. Ashe kowa da irin tasa gaisuwar, kuma mai shayi ta fi ni sani.

Da ranar ta zagayo na koma bakin tur'a. Na buɗe WhatsApp, inda ba ta toshe ni ba. Na rubuta: "Kullu sana wa inti ɗayyiba, ɗiyata. Ina kewarki." Na sa kek. Na daɗe ina kallon zuciyar kafin na danna ta. Sai kuma na nemo birin nan mai rufe ido na ƙara, ko za ta tuna.

Alamar isar saƙon ta zama biyu, can ta koma shuɗiya. Na ga waya na nuna tana rubutu, ta tsaya, ta ci gaba.

Amsar ta zo da tsawo. "Zuwa ga mahaifina mai girma, bayan sallama irin ta addinin Musulunci. Na ga saƙonka, na gode ƙwarai. Allah ya ƙara girma da nisan kwana, ya ba da amfanin gona mai albarka." Ta gaida dangi ɗaya bayan ɗaya, ta rufe da "Wassalam." Da Hausa tsantsa ta rubuta, ita da Larabci ya fi zama a bakinta. Babu kuskure ko ɗaya, babu hoto ko ɗaya.

Na tura wa ƙanwata ta gani. Ta ce, "To ai ta ba ka girmanka, Yaya. Haka aka rubuta ma dattijo."

Gaskiya ta faɗa. Irin wasiƙar da na yi shekaru ina koya wa yara ce, kuma da a aji ne da na ba ta maki cikakke. Na karanta ta sau uku a bakin ruwan, ina bi layi-layi ko zan ga inda ta ce Yaba. Ba ta ce ba.