Takardar Albashin Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya samo mini aiki a kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse inda yake walda. Sansaninmu yana Gidan Rumji, amma aikin yawo ne, yau Cadakori, gobe wani ƙauye da ba ka taɓa jin sunansa ba. Da yake na ɗan yi lakol, wato makarantar boko, sai aka ba ni tsaron ɗakin kaya, ana lissafa ni cikin mutanen buro, wato ma'aikatan ofis.

Ƙarshen wata akan ba kowa kuɗinsa tare da takardar albashi, wadda muke kira bilitan. Yawancin ma'aikata layin ƙasa kaɗai suke dubawa. Kawu ko shi ba ya dubawa, don bai iya Faransanci ba. Ya san nauyin abin da ya saba karɓa, shi ke nan.

Wata rana muna Gidan Sori, injin ya tsaya, muka fake a inuwar babbar mota. A lokacin idanun Kawu sun fara ruwa saboda hasken walda. Ya miƙo mini bilitan ya ce, "Ɗana, karanta mini wannan. Kuɗin nan ba sa kai mini inda suka saba kaiwa."

Na bi da shi daga sama. Na ce layin farko shi ne tushen albashi, wanda aka yi yarjejeniya a kansa. Ƙarƙashinsa ƙare-ƙare ne: na sufuri, na kwanan daji, na awannin da suka wuce ƙa'ida. In aka haɗa su duka, shi ne albashi kafin a taɓa shi. Daga nan sai yanka. Na farko kason fansho ne, wanda kamfani zai cire ya kai asusun ma'aikata da lambarsa, ya ƙara da nasa kason daga aljihunsa. Na biyu lanho ne, harajin albashi na gwamnati, kuma mai iyali ana rage masa gwargwadon waɗanda yake ɗauke da su. Na uku bashin da mutum ya ci a kamfani. Abin da ya saura shi ne ke shiga hannu.

Ina cikin bayanin na ga inda aka rubuta yawan iyalinsa: sifili.

Na ce, "Kawu, a nan ba ka da mata, ba ka da ɗa ko ɗaya."

Ya yi dariya. Mutumin da ke da mata da 'ya'ya shida a gida. Na ce ba abin dariya ba ne, lanhon gwauro ake cire masa. Sannan na tambaye shi bashin da ake yanka. Ya ce wanda ya karɓa lokacin da aka yi wa matarsa aiki a asibiti ne, kuma an ce masa da kaka zai ƙare. Ga shi muna bazara ana nan ana cirewa. Na haɗa ƙare-ƙaren na ɗebe yanka, lissafin ya fita daidai, wato ba a wajen haɗawa aka yi kuskure ba. Sai can sama, kusa da sunansa, inda ya kamata a sa lambarsa ta asusun fansho, na ga wurin babu kome. Na ciro tawa na duba, akwai lamba.

Da muka koma Gidan Rumji muka shiga wurin mai lissafin kamfani. Bai yi gardama ba. Ya duba ya ce bashin mantuwa ce, kuma wata mai zuwa zai mayar wa Kawu da rarar da aka cire. Maganar iyali kuwa ya ce sai an kawo takardar aure da ta haihuwar kowane yaro. Uku daga cikin yaran a gida aka haife su, ba wanda ya yi musu takarda, sai da muka bi ta kotu da shaidu. Aka gyara daga nan zuwa gaba. Na baya, ya ce, ya riga ya shiga baitulmali, shi ba abin da zai iya.

Na ce, "To, lambar fa?"

Ya daɗe yana gyara takardun da ke gabansa. Ya ce, "Wannan ku tambayi Alhaji." Alhaji shi ne mai kamfanin.

Ba mu tambaye shi ba tukuna. Ranar da ba aiki muka shiga mota zuwa Maraɗi, ofishin asusun fansho, muka nemi a fitar mana da jerin watannin da aka zuba wa Kawu. Matar da ke wurin ta nemo shi da suna da shekarar haihuwa. Yana da lamba, tun farkon shigarsa aiki aka yi masa. An zuba masa na 'yan shekarun farko, daga nan aka daina. Ta juyo mana da allon don mu gani da idonmu. Fiye da rabin aikinsa babu shi a wurin, alhali kowane wata an yanka a bilitan. Na ce ta duba nawa. Nawa cikakke ne, ba watan da ya ɓace. Daga baya muka gane mutanen buro duka ana zuba musu, 'yan daji ne aka bari.

Ta ce, "Baba, kana da takardunka na albashi? Su ne shaidarka."

Yana da wasu. Na shekarun baya suna cikin akwatin da gara ta shiga. Waɗanda suka tsira muka jera su wata-wata, muka kai wa mai kula da ƙwadago, ya aika wa Alhaji sammaci.

Alhaji ya zo gidan Kawu da kansa. Ya zauna a tabarma ya ce, "Haba, ni da kai sai hukuma ta shiga tsakaninmu? Wa ya ba ka kuɗi da iyalinka ba lafiya?" Ya ce an riƙe masa kuɗin ayyuka ne, da sun fito zai cike kome. Kawu ya sunkuyar da kai yana cewa, "Haka ne, Alhaji." Ni kuma Alhaji bai ko dube ni ba.

Bincike ya nuna ba na Kawu kaɗai ba ne, aka ɗora wa kamfani bashin duka da tara a kai. Ya biya kaɗan, sannan aka fara sayar da motoci. Kafin damina biyu an rufe sansanin. Abokan aikin da Kawu ya yi shekaru yana cin tuwo da su a kwano ɗaya suka daina gaishe shi, suna cewa shi da ɗan 'yar'uwarsa suka kashe musu abinci. Mahaifiyata ma ta tambaye ni ko ba zan iya karanta masa layin ƙasa in yi shiru ba.

Da ya kai shekarun barin aiki, watannin da aka amince masa ba su kai abin da doka ta nema don fansho na dindindin ba. Aka ba shi kuɗi dunƙule sau ɗaya. Ya rufa ɗaki, ya sayi tumaki biyu, sauran ya tafi wurin maganin ido, wanda bai yi amfani ba.

Ni na samu aiki a wani shagon taki a Gazawa. Nakan je duba shi in na samu hali. Zuwana na ƙarshe na tarar da shi a ƙofar gida, sai da na yi magana ya gane ni. Wani maƙwabci ya kawo masa garmar shanu da ta karye, ya shafa wurin da yatsa ya gaya masa yadda za a ɗinke ta da wanda zai kai wa. Muka yi la'asar tare, na riƙe hannunsa zuwa masallaci da dawowa. Ya ce in gaida mahaifiyata, in ce mata geron gidansa ya kusa ƙarewa.