Ranar da Na Rufe wa Malam Telnet

Mutumin da ya koya mini aikin sadarwar kwamfuta shi na fara rufe wa ƙofa.

A wata kwaleji mai zaman kanta a Wudil nake aiki. Da aka mayar da Malam sashen koyarwa, aka damƙa mini kula da suwic, wato akwatunan da wayoyin kwamfutocin makarantar suke haɗuwa a ciki. Malam ya bar kujerar, amma bai saki aikin ba. Duk wanda ya tare shi bayan azahar ya ce a buɗe masa layi, sai ya zauna a ɗakin kwamfutar ɗalibai, ya shiga suwic da telnet, wata tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa, ya gyara. Ni sai dai in tarar. Ranar da na ga an sa wani layin ɗalibai cikin rukunin ofishin jarrabawa, raina ya ɓaci ƙwarai. In sakamakon jarrabawa ya fita waje, ni za a tuhuma.

Na same shi shi kaɗai, na kunna manhajar kama saƙonni a kwamfutar da ya saba amfani da ita, na roƙe shi ya shiga suwic. Da ya gama na nuna masa kalmar sirrinsa a fili, harafi bayan harafi, don telnet ba ya ɓoye komai.

"Ke, 'yar nan," ya ce, "ni za ki yi wa tarko?"

"Allah ya huci zuciyar Malam. Abin da na gani, ɗalibi ma zai iya gani."

Ya tashi ya fita.

Ranar Juma'a, makaranta ta watse, titi ya cika da motocin shanu, na zauna da wayar konsol, wadda ake jonawa kai tsaye a jikin suwic, kusa da ni ko da zan kulle kaina a waje. Na ƙirƙiri makullin sirri, na kunna SSH mai ɓoye duk abin da aka rubuta, na gwada shiga, sannan na kashe telnet. Na mayar da adireshin kowane suwic cikin VLAN guda, rukunin da na keɓe wa kulawa kaɗai, na hana shiga daga ko'ina sai daga nan. Na sauya kalmar sirri, na adana.

Litinin sai ga Malam a ofishina, da wani malamin lissafi a bayansa. A gaban mutumin ya gwada shiga, suwic ya ƙi shi.

"Buɗe mini."

"Malam, ga kujera. Zan yi maka sunan shiga naka na kanka, ka shiga daga nan duk lokacin da ka so. Amma daga ɗakin ɗalibai, wallahi ba zan buɗe ba."

Ina ƙaunar Malam kamar uba. Ya dube ni.

"Ni na koya miki riƙon waya."

"Kai ne, Malam."

Bai zauna ba. Har yau in mun haɗu nakan rusuna in gaishe shi, ya ce "Lafiya, Injiniya," ya wuce. Abin yana yi mini ciwo, kuma ban buɗe ba.