Kalma Tamanin da Na Rubuta wa Madam

A ofishinmu na malaman gona da ke Lafia, ni ne mai biro. Duk wanda zai nemi hutu, ko canjin wurin aiki, ko zai amsa takardar tuhuma, teburina yake zuwa ya tsaya yana sosa ƙeya. Turancina ya fi na kowa a sashenmu, kuma ba na ɓoye cewa na san haka. Shekara da shekaru ina gyara wa mutane jimla, su je su sami ƙarin girma, ni kuwa ina kan kujerata mai ƙara.

Akwai wata abokiyar aikina da duka muke kira Madam. 'Yar Keana ce, na girme ta da kusan shekara goma, kuma a hannuna ta koyi aiki. Ranar da ta fara zuwa ko rahoton wata ba ta iya haɗawa ba. Tana kirana Malam, ina kiranta Madam, idan zan tsokane ta in ce mai gishiri, don da gishiri aka san garinsu. Duk Kirsimeti shinkafarta da nama sai sun iso gidana, duk Sallah matata sai ta aika mata nata kwanon. Mun shaƙu ƙwarai, ina faɗin wannan ne don a san ba maƙiyiyata na yi wa abin da na yi ba.

Wata Litinin ta shigo da waya a hannu tana dariya har da tafi.

"Malam, duba! Sun ɗauke ni!"

Wani babban taro ne za a yi a Abuja kan asarar amfanin gona bayan girbi, an zaɓe ta ta yi jawabi kan adana doya. Na karanta saƙon, na ce mata barka, madalla, Allah Ya ƙara ɗaukaka. Bakina ya faɗi duk abin da ya kamata. Amma wallahi a take na ji wani abu ya tokare min ƙirji, kamar na haɗiyi lomar sakwara ba miya.

Ga dalilin. Rumbun doyan da za ta yi magana a kai, ni na fara zana shi. Na dawo da shi daga wani kwas tun da daɗewa: rumbu ne mai tsawo daga ƙasa, iska na shiga ta kowane gefe, ana jera doya a kan katako ba a tsibe ba, a naɗa kwano a ƙafafunsa don kada ɓera ya hau. Na zana, na kai wa shugabanmu na lokacin, ya ce zai duba, na sa a durowa na manta. Madam ce ta tono shi. Ita ta riƙa hawa babur zuwa Agyaragu da ƙauyukan bayansa, ta zauna da mata a ƙarƙashin mangwaro tana lallaɓa su, ta canza katako zuwa gora don ya yi musu sauƙi, ta riƙa komawa tana nuna musu yadda ake karya tsiron doya. Ni sau uku na raka ta, na huɗun na ce bayana na ciwo. Na san duk wannan. Amma kishi ba ya sauraron lissafi, abin da zuciyata ke ta maimaitawa shi ne zanena ne, zanena ne.

"Sun ce in turo tarihina a taƙaice," in ji ta, "wanda za su buga a littafin taro. Na rubuta, sun dawo min da shi."

Ta miƙo min. Kai, jama'a! Shafi guda cur. Ta fara da godiya ga Ubangiji, ta bi da iyayenta, da firamaren da ta yi, da mijinta da yaranta, da ƙungiyar matan coci, sannan kusan a ƙarshe, kamar mai jin kunya, ta ambaci rumbunan, ta ce da taimakon Allah da na Malam aka yi. Masu taron kuwa abin da suke so a fili yake: kalma tamanin, a rubuta kamar wani ne ke ba da labarinta, "ita ce kaza, ta yi kaza", ba "ni ce" ba, a turo da hoto kafin a tashi aiki ranar Juma'a don za a kai wa masu ɗab'i.

"Madam, wannan ai jawabin bikin ritaya ne," na ce. "Ba a godiya a irin wannan. Sunanki da muƙaminki da inda kike aiki a layin farko. Sai fannin da kika ƙware. Sai babban abin da kika yi, ɗaya ko biyu, wanda ya shafi jawabinki. Karatu ya zo daga baya. Shi ke nan."

Ta dafe kai. "Ni in zauna in rubuta wai ta yi kaza ta yi kaza, alhali ni ce? Haba Malam, ai sai ka ce ina yi wa kaina kirari. A gidanmu ba a haka. Kai ka gani da idonka, kai ka rubuta."

Na ce ta bar min, zuwa Laraba.

Da ta fita na buɗe kwamfuta, cikin minti ashirin na gama. Ya yi kyau, ba yabon kai ba. Jimla ta uku ta ce ta jagoranci matan karkara a kudancin Lafia wajen gina rumbun doya da kayan da ke hannunsu, har ruɓa da ɓarnar ɓera suka ragu. Na karanta, a zuciyata na hango shugaban zama a Abuja yana riƙe da littafin yana karanta wannan jimlar a lasifika, domin haka ake yi, abin da aka buga shi ake gabatar da mutum da shi. Na ga manyan mutane suna ja wa sunanta layi don su neme ta lokacin shan shayi. Da hannuna, da Turancina, zan ɗora ta inda ni ko ƙofa ban taɓa leƙawa ba. Raina ya ɓaci sosai. Na tashi na je na yi sallar azahar, na dawo bai sauka ba.

Sai na fara abin da na iya. Na dubi lambar da ke ƙasan allo, kalma casa'in da ɗaya. To ai dole a rage, ko ba haka ba? Ka'idarsu ce, ba tawa ba. Na goge jimla ta uku gaba ɗaya. Lamba ta faɗo ƙasa da saba'in. Sai na cike gurbin da cikakkun sunayen takardun shaidarta ba a taƙaice ba, da shekarar da ta kama aiki, da ƙungiyar ma'aikata da take ciki wadda kowa ma yana ciki, na rufe da cewa tana da sha'awar harkar adana amfanin gona. Sha'awa! Matar da ta sha faɗuwa a babur cikin taɓon damina. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma wannan ne ya ba ni damar kallon fuskata a madubi. Na ƙirga, tamanin daidai. Ranar Laraba da safe na tura mata a waya.

Ta amsa da "Na gode Malam." Ba ta ƙara komai ba.

Laraba da Alhamis muna ofis ɗaya. Takan zo ta gaishe ni, ta ɗan tsaya a bakin teburina tana gyara gyale, ta tambayi iyali, ta tambayi ko an gyara injin wuta. Ni kuma in duƙufa a kan fayil kamar gwamna ne ke jira. Sau ɗaya na ɗauki waya zan ce mata ta dakata, akwai gyara. Sai na ji ana taya ta murna a baranda, wani yana cewa a Abuja otal ɗinsu har da wurin iyo, na mayar da wayar aljihu.

Ta je, ta dawo. Ta kawo mana biskit da jakar taro, ta ce jawabi ya tafi lafiya, an yi tambayoyi biyu. Na tambaye ta ko an cika ɗakin, ta ce ba laifi, a lokaci ɗaya ake zama uku, mutane kan duba littafi su zaɓi inda za su shiga. Na ji wani daɗi mai ɗaci, kuma na ji kunyar daɗin.

A taron ma'aikata na ƙarshen wata, shugabanmu na yanzu, mutum mai son a ambaci ofishinsa a ko'ina, ya ɗauko littafin taron ya ce bari ya karanta mana yadda aka gabatar da 'yarmu a Abuja. Ya gyara tabarau ya fara da ƙarfi. Yana zuwa tsakiya muryarsa ta yi sanyi. Ya juya shafin ya duba baya, ya dawo.

"Ina rumbunan? Madam, ina Agyaragu? Aikin da muke tinƙaho da shi a jihar nan ba ko kalma ɗaya? Wannan ai kowane ma'aikaci a ɗakin nan za a iya sa wa sunansa a kai. Wa ya rubuta miki wannan abin?"

Kowa a ɗakin ya san wanda ke rubutu a ofishin nan. Na ji idanu suna juyowa. Na fara shirya maganar ka'idar kalma tamanin a bakina.

"Ni na rubuta, yallaɓai," in ji Madam. "Ban iya ba ne. A yi haƙuri."

Ya yi mata faɗa a gaban kowa, ya ce an ba ta dama ta watsar, ya ce ga Malam zaune me ya hana ta kai masa. Ta sunkuyar da kai tana cewa to, yallaɓai. Ni kuwa na bar ta da laifin har aka tashi.

Na same ta a rumfar da muke ajiye babura tana ɗaure jaka.

"Madam, game da rubutun nan, kin san sun ƙayyade kalmomi..."

"Na karanta shi tun ranar Laraba, Malam. Sau biyar na karanta."

"To me ya sa kika tura haka? Ai da kin ƙara da kanki."

Ta ɗago ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, kuma da fushin ne da ya fi min sauƙi.

"Kwana biyu na riƙe shi ina jira ka kira ni ka ce ka manta. Sai Juma'a da yamma na tura. Kai da ka san wahalar da na sha ba ka ga ya isa a rubuta ba, ni ce zan rubuta da hannuna?"

Ta tayar da babur, ta ce in gaida matata da yara, ta fita ta get.